Gas, itace ko curin garin katako: wace lamba ce ta gaskiya a takardar gwaji?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da gidan burodi a Aboabo, nan Kumasi, da itace nake gashi, wani lokaci da gas. Wani ya kawo mini curin garin katako da takardar gwaji mai cewa 19 MJ/kg, ya ce kilo 35 nasa daidai yake da silindar gas mai kilo 14.5. Da na duba lambar gas sai na ga biyu, HHV 49.5 da LHV 45.7. Mene ne waɗannan lambobi, kuma da wacce zan yi lissafi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Da ƙaramar za ki yi lissafi, wato LHV, kuma dole ne ki nemi irinta a curin ma. Lambar 19 da aka nuna miki kusan tabbas babbar ce, ta busasshen samfuri, don haka an auna miki gas da mudu ɗaya, an auna curin da wani mudun daban. Idan aka gyara, kilo 35 zai koma wajen 42. Bari in nuna miki daga inda bambancin ya fito, don gobe ki yi lissafin da kanki ko da ɓawon kwakwar manja aka kawo miki.

Ƙimar zafi ita ce yawan zafin da kilo ɗaya na makamashi ke bayarwa idan ya ƙone ƙurmus, ba sauran gawayi ba sauran hayaƙi. Ana auna ta da megajul, shi ne MJ ɗin da kika gani. Don ki ji nauyinsa a hannu: megajul ɗaya ya isa ya ɗauki ruwa lita uku da ɗan ɗoriya daga sanyin famfo ya kai shi bakin tafasa, in ba a yi asarar komai ba. Tukunyar lita 20 tana son wajen megajul 6. Wasu takardun da kcal/kg suke zuwa, sai ki ga 4,500 ki ɗauka wani babban abu ne, alhali 19 MJ/kg ɗin nan ne dai, domin megajul ɗaya kusan kcal 239 ne.

To me ya sa abu ɗaya yake da lamba biyu? Ruwa ne sanadi. Gobe da safe ki ɗora tukunyar ruwan sanyi a kan gas ki zuba wa gindinta ido. A daƙiƙun farko za ki ga raɓa ta feso a jikin tukunyar ta waje, kamar ta yi gumi, kafin ƙarfen ya yi zafi ta ɓace. Wannan ruwan ba daga cikin tukunya ya fito ba, wutar ce ta haife shi. A cikin gas, da itace, da kananzir, akwai kabon akwai haidurojin. Kabon in ya ƙone iska yake zama ya tafi. Haidurojin kuwa in ya haɗu da oksijin ruwa yake zama, kuma kowane kilo ɗaya nasa yana ba da kilo tara na ruwa. Saboda zafin wuta, ruwan a tururi yake fita, shi ya sa ba ma ganinsa sai ya taɓa abu mai sanyi. Shi ne kuma ruwan da ke ɗiga daga salansar mota da sassafe.

Tururi ba ya tafiya hannu rabbana. Kowane kilo na ruwa da ya tashi a tururi yana ɗauke da megajul 2.44 a ɓoye, kuma ba ya sakin wannan zafin sai ya koma ruwa. Babbar lamba, HHV, tana ƙirga har da wannan zafin, wato tana ɗauka cewa an sanyaya hayaƙin har tururin ya koma ruwa ya mayar da abin da ya ɗauka. Ƙaramar lamba, LHV, tana ɗauka cewa tururin ya fita ta bututu da rabonsa. A wasu takardun za ki ga GCV a madadin HHV, da NCV a madadin LHV, abu ɗaya ne.

Yanzu ki tuna tandarki. Burodi yana gasuwa a zafin da ya kai digiri 200 ko fiye, hayaƙin da ke fita ta bututu ba ki iya sa masa hannu. Tururin da ke cikin hayaƙin gas ba ya fara komawa ruwa sai ya sauko ƙasa da digiri 60. Ke nan babu ranar da wannan ɓoyayyen zafin zai shiga burodinki. Haka abin yake ga mai waake da shinkafa, da mai koko, da injin janareta. A ƙasashen sanyi akwai tukwanen ɗumama gida da aka ƙera musamman don su sanyaya hayaƙinsu su ƙwato wannan zafin, su ne ke cin moriyar babbar lamba. Mu a nan ba irin aikinmu ba ne.

Kada ki ɗauka mai curin ƙarya ya rubuta. Na'urar gwajin ce ke ba da babbar lamba bisa yadda aka gina ta. Ana ɗaukar kamar giram ɗaya na samfurin, a sa shi cikin wani ƙaƙƙarfan gwangwanin ƙarfe, a cika shi da oksijin mai matsi kamar ninki talatin na iskar da muke shaƙa, a rufe gam, a nutsar da shi cikin ruwan da aka san yawansa. Sai a kunna wutar da siririyar waya, a duba digiri nawa ruwan ya ƙaru. Tun da gwangwanin a rufe yake kuma cikin ruwan sanyi, tururin ba shi da mafita, nan take yake komawa ruwa a bango ya saki zafinsa. In an buɗe ana ganin ɗigon. Saboda haka duk lambar da ta fito kai tsaye daga ɗakin gwaji HHV ce, ƙaramar kuwa lissafa ta ake yi daga baya. Sannan galibi akan ba da sakamakon a kan busasshen abu, wanda aka fitar wa ruwa gaba ɗaya a tanda. Takardar da ta ba da lamba ɗaya tak, ba ta faɗi wacce ba ce, ba ta faɗi danshi ba, ni a wurina babbar ce ta busasshe har sai an nuna mini akasin haka.

Ga yadda ake sauko da ita:

```
LHV = HHV − 2.44 × (9H + M)
```

H shi ne kason haidurojin a cikin kilo ɗaya, M kuma kason danshin da ke jikin kayan yadda aka kawo su. Ruwa biyu ke nan ake cirewa, wanda wuta ta haifa da wanda kayan suka zo da shi. HHV ɗin ma sai an fara rage ta zuwa ta kayan da danshinsu, domin ruwa ba ya ci da wuta.

Mu fara da gas, shi ne mai sauƙi. Lambobin da kika gani na butan ne, wanda shi ya fi yawa a gas ɗin girki da muke saye. Haidurojin ɗinsa kashi 17 cikin ɗari ne da ɗan kai, ke nan kowane kilo na gas yana haifar da ruwa kilo ɗaya da rabi da ɗoriya, fiye da nauyin gas ɗin kansa. Ki ninka da 2.44 ki sami wajen 3.8, ki cire daga 49.5, sai ga 45.7. Gas ba ya zuwa da danshi, don haka magana ta ƙare. Silinda mai kilo 14.5 tana ɗauke da kusan megajul 660. Ki riƙe wannan lambar, ita ce ma'auninmu.

Sai curin. Takarda ta ce 19 a bushe. Amma wanda ke cikin buhu ba a bushe ƙayau yake ba. Mai kyau yakan riƙe danshi kamar kashi 10. Ke nan a kilo ɗaya giram 900 ne katako, giram 100 ruwa, kuma 19 ta riga ta sauko 17.1. Busasshen katako kowane iri yana da haidurojin wajen kashi 6, wanda a giram 900 zai haifi ruwa giram 490. Ki haɗa da giram 100 na danshi ya zama 590, wanda zai fice da megajul 1.4. Saura 15.7. Ki raba 660 da 15.7, za ki sami kilo 42. Shi mai kayan ya raba ne da 19 ya sami 35. Kilo bakwai a kowace silinda, wato kashi ɗaya cikin biyar a kan abin da ya faɗa miki, kuma daga aljihunki zai fita. Abin da za ki kwatanta shi ne kuɗin kilo 42 na curi, har da kuɗin ɗauko, da kuɗin cika silinda ɗaya.

Inda na fi so ki tsaya shi ne itacen da kike ƙonawa kullum, domin a nan ne bambancin ya fi ciwo kuma ba wanda ke kawo masa takarda. Busasshen itace ƙayau yana da HHV wajen 19.5, kuma tsakanin wannan bishiya da waccan bambancin a kilo ba shi da yawa. Abin da ya sa ake cewa wani itace ya fi wani wuta yawanci nauyinsa ne, ƙirare masu tauri sun fi kilo a dami ɗaya. Abin da ke sauya lissafi da gaske shi ne ruwa. Ɗanyen itace da aka sare kwanan nan yana iya zama rabi ruwa. Mu ɗauki wanda ya ɗan sha iska, mai danshi kashi 40. A kilo ɗaya giram 600 ne itace, ke nan 19.5 ta koma 11.7. Ruwan da wuta za ta haifa giram 320 ne, ga giram 400 da ya zo da shi, jimla 720, za su tafi da kusan 1.8. Abin da ya rage 9.9, rabin lambar da ke cikin littafi. Itacen nan dai in ya kwana a rumfa har danshinsa ya sauko kashi 15, irin wanda ake samu da hunturu, kilo ɗaya yana ba da 15.1. Silinda ɗaya ke nan daidai take da kilo 44 na busasshe, amma kilo 67 na jiƙaƙƙe.

Ki lura da yadda tazarar lambobin biyu ke canzawa. A gas kashi 8 ce. A jiƙaƙƙen itace ta kai kashi 15. A gawayi kuwa 'yar kaɗan ce, domin masu toya shi a Kintampo da kewaye sun riga sun kore ruwa da yawancin haidurojin a cikin rami, saura kusan kabon zalla. Gawayi mai kyau yakan tsaya wajen 30 a babbar lamba, 29 a ƙaramar, silinda ɗaya kamar kilo 23. Wannan rashin daidaiton shi ne dalilin da ya sa ba za ki ce bari in yi amfani da babbar lamba a duka ba, ai tafiya ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce. Babbar lamba tana yi wa mai ruwa kwalliya fiye da marar ruwa.

Na taɓa ganin wannan da idona a wata masana'anta da na yi wa aiki, inda muka bar man baƙi muka koma ɓawon kwakwar manja a tukunyar tururi. An kawo samfuri cikin leda, busasshe tsaf, gwaji ya ba da wajen 20, aka ƙulla ciniki a kan tan. Da damina ta kankama motocin suka fara zuwa ruwa na ɗiga daga bodinsu a kan sikeli. Matsin tururi ya riƙa faɗuwa, yaran da ke zuba wuta suna ta ƙari, hayaƙi fari fat kamar hazo. Aka zargi tukunyar, aka zargi fanka. Ni na ɗebi kilo ɗaya daga tsakiyar tulin na busar, ya dawo giram 750. Ashe rubu'in abin da muke biya a tan ruwan sama ne. Daga ranar aka sa sharaɗin danshi a takardar ciniki, kowace mota sai an ɗebi samfuri kafin a sauke.

Wannan gwajin ke ma kina da kayansa, har kin fi ni, tun da kina da tanda da sikelin fulawa. Ki zaɓi ƙirare biyu ko uku daga tsakiyar lodi, ba na sama da rana ta daka ba. A faskara su, a ɗebi ƙanana daga ciki, kamar kaurin yatsa, a auna kilo ɗaya daidai. Bayan an kwashe burodin ƙarshe, tanda ta huce ta sauko ɗan sama da zafin tafasar ruwa, wajen digiri 105, sai a shimfiɗa su a faranti a sa ciki. Kada a sa da zafin gashi. In suka fara baƙi ko wari ya tashi, itacen kansa ya fara ƙonewa, gwajin ya lalace. Washegari a auna, a mayar, a sake aunawa, har nauyi ya daina sauka. In kilo ɗaya ya tsaya a giram 640, danshi kashi 36 ne. Haka za ki yi wa curin, a farfasa shi tukuna. Kafin ma a kai ga sikeli, jiƙaƙƙen itace yana tona kansa: yana tsuwa a wuta, kumfa na fitowa ta bakin guntun, hayaƙi fari mai yaji a ido, in kin buga biyu da juna sai ki ji dum maimakon ƙwal.

Akwai wani abu a nan da mutane ke ruɗewa a kansa. Yadda kike sayen kayan shi ke nuna yawan cutar da ruwa zai yi miki. In a sikeli ake sayar miki, kamar curin nan, kowane giram na ruwa kuɗi kika biya, sannan ya ci miki wuta. In kuwa a lodin aboboya kike saye, wato babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ido ne ma'auni, kuma itacen da ke cikin lodin kusan ɗaya ne ko jiƙaƙƙe ko busasshe. Asararki a nan ita ce zafin da ruwan zai ɗauke, da lalacewar wutar. Misali kilo 100 mai danshi kashi 40 yana da megajul 990. In kin jera shi a rumfa ya sauko kashi 15, nauyinsa zai koma kilo 71, amma zafinsa ya hau zuwa wajen 1,065. A takarda ribar kashi 7 da ɗoriya ce kawai, a bakin tanda ta fi haka, domin jiƙaƙƙen itace yana sanyaya harshen wuta, wani ɓangarensa ya fita a hayaƙi bai ƙone ba, kuma tanda ta daɗe kafin ta ɗau zafi. Shi ya sa nake ganin in kina da fili, sayen lodi da wuri a jera shi a kan duwatsu, sama a rufe, gefe a buɗe iska na ratsawa, ya fi yawancin dabarun da ake tallatawa.

A kan curin kuma ki tambayi abu biyu bayan danshi. Da me aka haɗa shi? Wanda injin ya matse da zafi, ba a sa komai ba, tokarsa kaɗan ce. Wanda aka ɗaure da yumɓu, ko aka kwaso garin daga ƙasa da yashi, toka za ta yi yawa, toka kuwa nauyi ce da ba ta ba da zafi a kowace lamba. Ki ƙona kilo biyar shi kaɗai ki auna abin da ya rage. Na biyu, yaushe aka yi gwajin, kuma a kan wane kaya? Garin katako na Sokoban, unguwar masu aikin katako a nan Kumasi, na yau ba lallai ya zama irin na bara ba. In cinikin babba ne, ki ɗebi samfuri da hannunki daga buhunan da aka kawo, ki nemi ɗakin gwaji kamar na jami'ar KNUST, ki ce a rubuta miki danshi, da toka, da ƙimar zafi ta kayan yadda suka zo. In HHV kaɗai suka bayar, lissafin da ke sama zai sauko miki da ita. Ajiya ma sai da kula, curi yana shan laima ya kumbura ya ruguje, ba ya jure kwana a siminti da damina.

Abu na ƙarshe da LHV ba za ta gaya miki ba shi ne nawa ne daga cikin zafin ke isa ga burodi. Ita tana faɗin abin da ke cikin makamashi ne, ba abin da tanda ta kama ba. A girkin tukunya, murhun duwatsu uku yakan isar da kashi 10 zuwa 15 kawai, murhun gas kuwa rabi ko fiye. Tandar burodi lissafinta daban ne, ya danganta da gininta, da kaurin bango, da yawan zubin da ake yi kafin ta huce. Wannan ba a samunsa a littafi, sai a gidanki. Ki ware kwana uku ga kowane makamashi, a tanda ɗaya in zai yiwu, da irin burodi ɗaya. A auna itace ko curi kafin a kunna, a auna abin da ya rage. Silinda kuma a ɗora ta a sikeli safe da yamma. Ki raba abin da aka ƙona da yawan buhunan fulawa da aka gasa, ki ninka da farashi. Curin ya kamata ya zo kusa da busasshen itace kilo da kilo, tun da 15.7 da 15.1 maƙwabta ne. In kika ga yana cin fiye da haka da nisa, ki fara duba danshinsa da tokarsa, sannan ki duba ko yaran suna tula shi da yawa har iska ta kasa ratsawa ta ƙasa. Allah ya sa albarka a sana'a, Hajiya.